Ƙiyasin nauyin yaro marar lafiya idan babu sikeli: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga ma'aikatan ƙananan asibitocin Jos da kewaye, da ɗaliban jinya, har da iyaye mata. Kusan duk maganin yara da nauyi ake lissafa shi, miligiram kaza a kowane kilo, shi ya sa dole a samu wata lamba ko da sikeli ya mutu. Adadin magungunan da ke ƙasa misalan lissafi ne domin ma'aikatan lafiya, ba domin a ba yaro a gida ba.

Sista, in sikelinmu ya lalace, me zan fara yi?

Ki fara tabbatarwa cewa da gaske babu hanyar auna yaron. Sikelin manya yana aiki: uwa ta hau ita kaɗai a rubuta, ta sake hawa riƙe da yaron a rubuta, a cire na farko daga na biyu. Idan ta nuna kilo 58.4 ita kaɗai, da yaro kuma 68.1, to yaron kilo 9.7 ne. Sikelin rataye na masu awon jarirai a ɗakin riga-kafi ma yana nan, sai dai a lura yawancinsa a kilo 25 yake tsayawa. Ƙiyasi yana da gurbi biyu ne kawai: inda babu sikelin kwata-kwata, da inda yaron ba zai iya jira ba, kamar mai jijjiga, ko wanda numfashinsa ke yankewa, ko wanda aka kawo daga haɗarin mota ba a so a motsa shi.

Kafin ki kama wani lissafi, ki tambayi uwar ko an auna shi kwanan nan, ki nemi katinsa na riga-kafi. Uwar da ta ce "an auna shi makon jiya, kilo goma da rabi" ta fi kowace dabarar shekaru kusa da gaskiya. Amma ki rarrabe mai tuna awo da mai kintace. Wadda ta ɗaga yaron ta ce zai kai kilo goma sha biyar, kintace take yi. Kintacen ido namu na ma'aikata ma bai fi nata ba, duk daɗewarmu a aiki.

Waɗanne ne dabarun lissafi da shekaru?

Waɗanda aka fi koyarwa sun fito ne daga kwas ɗin ceton ran yara da ake kira APLS. Ga su, amsar duk a kilo take fita:

```
tsohuwa, shekara 1–10:  (shekaru + 4) × 2
wata 1–12:              (watanni × 0.5) + 4
shekara 1–5:            (shekaru × 2) + 8
shekara 6–12:           (shekaru × 3) + 7
```

In kin lura, tsohuwar da ta shekara 1 zuwa 5 abu ɗaya ne, rubutun ne ya bambanta. Yaro ɗan shekara 3 kilo 14 yake fita a duka biyun. Jariri ɗan wata 8 yana fita kilo 8.

Inda suka rabu shi ne kan manyan yara. Ɗan shekara 8 kilo 24 ne a tsohuwar, a sabuwar kuwa 31. Sabuwar ta fito ne daga binciken Luscombe da Owens na shekarar 2007 a Birtaniya, bayan an ga yaran can sun yi nauyi sun wuce tsohon lissafi. Wato gyara ne da aka yi wa yaran da suka yi ƙiba. Matsakaicin nauyin namiji ɗan shekara 8 a jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya kusan kilo 25 ne, kuma yaran da muke gani daga Gangare, Rikkos da ƙauyukan gefen gari da yawansu ba su ma kai wannan ba. Don haka in tilas ta sa zan yi lissafi da shekaru ga irin waɗannan yara, tsohuwar nake ɗauka.

To me ya sa kike yawan cewa kada mu dogara da shekaru?

Dalili biyu ne, kuma sukan haɗu a kan yaro ɗaya.

Na farko, shekarun kansu ba su da tabbas. Yara da yawa a gida aka haife su, babu takardar haihuwa. Uwa ta ce "shekararsa uku", alhali nufinta ya shiga ta uku, wato biyu da 'yan watanni. Kaka kuma ta ƙirga da yawan azumin da ya gani. Kuskuren shekara ɗaya kilo biyu ne a lissafi, kuma kilo biyu a jikin yaro mai kilo goma kashi ɗaya ne cikin biyar. Abin da ke taimakawa shi ne a ɗaure tambayar da wani lokaci da kowa ya sani: kafin Babbar Sallah aka haife shi ko bayanta, da damina ko da sanyi, shi da ɗan wance wa ya girmi wani.

Na biyu ya fi girma. Ko da an san ranar haihuwa daidai, dabarar tana ɗauka ne cewa yaron ya girma yadda ya kamata. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma abin ya fi yawa a arewa. Sannan yaron da ake kawo mana a galabaice ba shi ne matsakaicin yaro ba. Galibi ya yi kwanaki yana gudawa ko zazzaɓi, ba ya cin abinci. Saboda haka kuskuren dabarar shekaru a wurinmu gefe ɗaya ya fi karkata: tana ƙara wa yaro nauyin da ba shi da shi, maganin kuma ya yi masa yawa.

Mene ne tef ɗin tsawo, kuma yaya ake aiki da shi?

Wanda ya fi shahara shi ne tef ɗin Broselow. Wani likitan gaggawa na Amurka, James Broselow, shi ya ƙirƙiro shi tare da Robert Luten a shekarun 1980. Tunaninsu mai sauƙi ne: tsawon yaro ya fi shekarunsa faɗin gaskiyar nauyinsa, kuma tsawo ba sai an tambayi kowa ba. An raba tef ɗin gida-gida da launuka, daga toka-toka na jarirai masu kilo 3 zuwa 5 har kore na masu kilo 30 zuwa 36. A tsakiya akwai shunayya ta kilo 10 zuwa 11 da ruwan ɗorawa na kilo 12 zuwa 14, waɗanda su ne muka fi faɗawa ciki. A kowane gida an rubuta adadin magungunan gaggawa da girman kayan aiki, irin su bututun numfashi.

Yaro yana kwance rigingine ake aunawa. Jan bakin tef ɗin a saitin tsakar kansa yake zama. Mutum ɗaya ya riƙe wannan bakin kada ya zame, ɗaya ya miƙe ƙafafun yaron ta hanyar danna gwiwoyi a hankali, ya ja tef ɗin a gefen jiki har dunduniya. A dunduniya ake karantawa, ba a yatsun ƙafa ba. Yaron da ke jijjiga ko kuka yakan miƙe yatsunsa, in aka bi su sai a ƙara masa santimita da yawa, ya tsallaka gidan da ba nasa ba. A cire hula da takalmi, a lura da tulin kitson 'yan mata. Akwai kuma masu juya tef ɗin su sa jan bakin a ƙafa, wannan yana ba da amsar da ba ta da kai ko kaɗan.

Tef ɗin yana farawa ne daga kimanin santimita 46, ya ƙare a ɗan sama da 140. Yaron da ya fi shi tsawo ya fita daga hurumin tef ɗin.

Ba mu da irin wannan tef. Na tela zai yi?

Zai yi, in aka haɗa shi da jadawalin nauyi bisa tsawo na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda yake cikin littattafan kula da tamowa. A manna shi a bango kusa da gadon gaggawa. A auna tsawon yaro, a nemi layin, a karanta lambar tsakiya. Ga yara maza, santimita 65 kusan kilo 7.3 ne, 75 kusan 9.5, 85 kusan 11.5, 95 kuma kusan 14. Na mata yana ƙasa da haka da ɗan kaɗan.

Abu ɗaya za a kiyaye: tef ɗin tela fuska biyu gare shi, ɗaya inci, ɗaya santimita. In aka ga yaro mai tafiya da ƙafarsa ya fita "33", to inci aka karanta. Tsohon tef da ya sha ja kuma yakan miƙe, a gwada shi da rula lokaci-lokaci.

Idan tef ya fi shekaru, ke nan magana ta ƙare?

Ba ta ƙare ba. Tef yana gyara matsalar tsumburewa, domin gajeren yaro gajeren gida zai faɗa. Abin da ba ya gani shi ne rama. Yara biyu masu tsawon santimita 85, ɗaya kumatu cike, ɗaya ana ƙirga haƙarƙarinsa, tef zai ba su nauyi ɗaya. A jadawalin nan, yaro mai wannan tsawo da ya shiga sahun masu rama kusan kilo 9.8 yake, wanda ramarsa ta yi tsanani kuma kusan 9.1. Wato tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ƙasa da abin da tef zai ce.

Wannan giɓi ne ya sa aka fito da sababbin hanyoyi masu haɗa tsawo da cikar jiki. Tef ɗin PAWPER, wanda Mike Wells da abokan aikinsa suka tsara a Johannesburg, yana sa mai awo ya dubi jikin yaron ya ba shi maki, daga ramamme sosai zuwa mai ƙiba, sannan ya karanta nauyin da ya dace da makin a wannan tsawon. Wani samfurinsa da ya fito daga baya ya maye gurbin duban ido da awon kaurin damtse. Hanyar Mercy kuwa, wadda aka tsara a wani asibitin yara na Kansas City, a hannu kaɗai take awo: tsawon damtse daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, da kaurinsa a tsakiya. Masu nazarin wannan fanni suna cewa hanya ta karɓu idan kashi 70 cikin 100 na ƙiyasinta bai kauce wa nauyin gaskiya da fiye da kashi 10 ba. Hanyoyin nan masu awo biyu su ne suka fi cika wannan sharaɗi. Dabarun shekaru ba kasafai suke kaiwa ba.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan kaya, akwai abin da kusan kowane asibitin unguwa yake da shi: ɗan tef ɗin damtse mai launi uku na gano tamowa, na yara 'yan wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5. A tsakiyar damtsen hagu ake ɗaura shi, hannu a sake, ba a matse ba a bar shi sakwa-sakwa. Ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, ruwan ɗorawa 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, kore daga 12.5 zuwa sama. Shi ba ya faɗin kilo. Abin da yake faɗa shi ne ta wane gefe tef ɗin tsawo ya yi kuskure. In kore ne, na karɓi lambar tsakiya. In ruwan ɗorawa ne ko ja, na sauka zuwa lambobin masu rama na wannan tsawon a jadawalin.

A Jos akwai wani ƙarin tarko. Da sanyin Disamba da Janairu yaro yakan zo cikin suwaita biyu, da hula, da bargo, ya yi kama da ƙosasshe. Sai an buɗe an ga damatsa da cinyoyi da mazaunai. A buɗe, a duba, a mayar da suturar nan take, domin mai tamowa sanyi yana saurin kama shi.

Za ki iya nuna mana da misali?

A ce an kawo yaro namiji da daddare, jikinsa zafi rau, yana jijjiga fiye da minti biyar. Uwar ta ce shekararsa uku. Sikelin yana ɗakin da aka kulle.

Lissafin shekaru ya ba da kilo 14. Aka ja tef, aka samu santimita 85. Tun a nan ya kamata a tsaya, domin matsakaicin namiji ɗan shekara 3 kusan santimita 96 yake. Ko dai bai kai ukun ba, ko ya tsumbure, kuma ko wanne ne, 14 ta faɗi. Jadawali ya ce kusan 11.5. A tef ɗin Broselow yana bakin iyakar shunayya da ruwan ɗorawa. Aka buɗe rigarsa, damtse ya nuna 11.8, ruwan ɗorawa, babu kumburi a ƙafa. Ramamme ne ke nan, sai a sauka zuwa kusan kilo 10. Duk wannan bai kai minti biyu ba in mutum biyu ne, kuma yayin da ake yinsa wani yana gyara masa kwanciya a gefe, yana share hanyar numfashi.

Yanzu ga magani. Dayazifam ta dubura, mai tsayar da jijjiga, rabin miligiram ne a kowane kilo. Da kilo 14 zai sha miligiram 7, da kilo 10 kuma 5. Daga kwalba mai miligiram 10 a cikin mililita 2, wannan shi ne 1.4 da 1.0 a sirinji. Ruwan sukari mai ƙarfin kashi 10, a mililita 5 kan kowane kilo, 70 ne da 50. Allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, miligiram 3 a kilo ga yaran da ba su kai kilo 20 ba, 42 ce da 30.

A ce da safe sikeli ya nuna 9.6. Lissafin shekaru ya zarce da kusan rabi, tsawo shi kaɗai ya zarce da kashi ɗaya cikin biyar, tsawo da damtse kuwa bai kauce da rabin kilo ba. A dayazifam ne bambancin yake da haɗari. Maganin yana danne numfashi, kuma idan jijjigar ba ta tsaya ba ana maimaita shi bayan minti goma. Ƙarin miligiram biyu sau biyu a jikin raunanan yaro shi ne abin da kan sa a ga jijjiga ta tsaya, numfashi kuma ya koma sama-sama, leɓe ya fara sauya launi, a wurin da watakila babu iskar taimakon numfashi.

Duk magunguna ne kuskuren ke da haɗari haka?

A'a. Wasu suna da faɗin fili. Ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro na haɗin atimita da lumifantirin rukuni-rukuni ake ba da su: ƙwaya ɗaya a kowane sha ga mai kilo 5 zuwa 14, biyu ga mai 15 zuwa 24. Kuskuren kilo ɗaya ba ya canza komai sai yaron yana bakin iyaka. A atesunet, ragi ya fi ƙari ban tsoro, don haka ba na matse shi ƙasa.

Waɗanda nake taka-tsantsan da su su ne masu danne numfashi, da jentamaisin saboda ƙoda da ji, da kwinin, da ƙarin ruwa ta jijiya. Ruwa shi ne mutane suka fi raina wa. Zuciyar mai tamowa ba ta da ƙarfi, in aka lissafa masa ruwa da nauyin da ba nasa ba sai ya taru a huhu. Alamar ita ce numfashi da bugun zuciya su ƙaru a lokacin da ruwan ke shiga, fatar ido ta kumbura, jijiyoyin wuya su cika. In an ga haka a tsayar da ruwan, a sake duba yaron da lissafin baki ɗaya.

Yaron da ƙafafunsa suka kumbura fa?

A danna bayan ƙafafun biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In rami ya zauna a duka biyun, ana ɗaukarsa mai tamowa mai tsanani, komai cikar da jikinsa ya nuna, sai in an gano wani dalili kamar ciwon ƙoda. Cikar ruwa ce, kuma ko sikeli zai nuna fiye da naman jikinsa. Kada a ba shi makin mai ƙiba. A bi tsarin kula da tamowa mai tsanani, a hanzarta tura shi inda ake kwantar da irinsu.

Likita ya ce tef yana rage wa wasu yara nauyi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, ga masu ƙiba, musamman daga shekarun makaranta zuwa sama. A ƙasashen da ƙiba ta yawaita wannan ne babban ƙorafinsu a kan tef ɗin Broselow, kuma a nan ma ana ganin irin waɗannan yara. Sai dai girman bututun numfashi tsawo yake bi, ba teɓa ba, haka ma yawancin magungunan farfaɗo da zuciya da nauyin da ya dace da tsawo ake lissafa su. Wata ƙa'ida da ba ta canzawa: duk abin da lissafi ya bayar, adadin yaro kada ya wuce na babba.

Jariri sabon haihuwa ma ana iya ƙiyasta shi haka?

Dabarun shekaru ba su shafi watan farko ba, bakwaini kuma sau da yawa bai kai bakin tef ɗin ba. Tsakanin kilo 1.8 da 2.5 akwai bambanci babba a magani, ido kuma ba ya rarrabewa. A nemo sikelin ɗakin haihuwa.

Ni uwa ce. Me zan yi da zai taimaka?

Ki riƙa kai shi awo, ki tabbata an rubuta kilo da kwanan wata a katinsa, ki taho da katin duk lokacin da za ki kawo shi asibiti, ko da tsakar dare ne. Ɗaukar hoton shafin a waya ma ya wadatar. Ki faɗi kwana nawa ya yi yana gudawa ko ƙin abinci, da duk maganin da aka ba shi a gida ko a kemis, da cokali nawa. In an tambaye ki shekarunsa, ki faɗi watan da aka haife shi in kin tuna.

Bayan an ba da maganin gaggawa da ƙiyasi, sai me?

A rubuta a takardar yaron cewa wannan nauyi ƙiyasi ne, da hanyar da aka bi: "kilo 10, ƙiyasi, tsawo 85, damtse 11.8". In aka rubuta "10" kawai, mai karɓar aiki da safe zai ɗauka awo ne, likitan da aka tura wa yaron ma haka, sai a yi kwana biyar ana allura da lambar da aka samo cikin gaggawa. Lamba ɗaya za a tsayar, kowa ya yi aiki da ita, kada mai allura ya yi da 14 mai ƙarin ruwa ya yi da 10.

Da zarar yaron ya daidaita a auna shi a sikeli, ba kaya a jikinsa sai mai sauƙi. In bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100, a sake lissafa duk abin da zai ci gaba da karɓa, musamman alluran kashe ƙwayoyin cuta da ruwan jijiya, a soke tsohuwar lambar da layi ɗaya yadda za a iya karanta ta, a rubuta sabuwar da lokacin da aka auna. Yaron da ya zo a bushe saboda gudawa a sake auna shi bayan ya sha ruwa ya farfaɗo, domin mai tsananin bushewa yana iya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ko fiye, kuma nauyin bayan farfaɗowar shi ne za a lissafa sauran maganin kwanakin da shi.